Karas da Lemo a Gefen Sabulun Gwaggo

Kowa a layin Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. 'Yar ƙanenta da ke zaune a wurinta ce ta fara kiranta haka, sunan ya bi bakin maƙwabta ya zauna. Tana yin sabulu a ɗakin da ke can ƙarshen gidan hayarsu, inda a da maigidanta yake jibge tsofaffin tayoyi. Taga ɗaya gare shi, da tebur mai ƙafa guda gajera da aka tokare da ɓallen katako, da kantoci har kusa da rufi. A kan kantocin nan sabulai suke jere, kowane da ɗan tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, suna shan iska na makonni kafin ta yarda a taɓa su.

Sabulun nata ba shi da ƙamshi, ba shi da launi. Man kaɗe ne da man kwakwa da man zaitun, sai soda da ruwa, kowane an auna shi a sikeli, mai kuma ya ɗan fi abin da sodar za ta cinye domin kada ya busar da fata. Idan ya nuna yakan fito fari-fari mai duhu, kamar tsohuwar takarda. Adonsa kaɗai shi ne tambarin ganye da take bugawa a tsakiya tun yana da ɗan laushi. Maigidanta yana tsokanarta cewa in aka ajiye sabulun a gefen bulo, sai an shinshina kafin a bambance, kuma ko an shinshina ba za a ji komai ba.

Duk wanda ya kalli fuskar Gwaggo da kyau zai gane dalilin da ya sa take irin wannan sabulu. A kan kumatunta biyu akwai baƙin tabo mai faɗi, gaɓoɓin yatsunta kuma sun fi sauran hannun duhu sosai. A shekarun budurcinta, lokacin da take aikin wanki a wani otal, ta shafa man bilicin kamar yadda rabin matan wurin suke yi. Ta yi fari, an yaba, ta ƙara. Daga baya fatar ta yi siriri, rana ta fara ƙona ta, tabon ya fito ya ƙi tafiya. A asibitin fata ta haɗu da wata nas da kowa ke kira Sista, mace marar yawan fara'a, wadda ta ce mata ta zubar da duk abin da ke kan madubinta, ta nemi sabulun da ba a zuba masa komai ba. Ta nema ta rasa. Abin da ya kai ta koyon yin nata ke nan, a wurin wani tsoho da ya yi aiki a masana'antar sabulu.

Tun daga lokacin, Sista ce ƙofar kasuwarta. Matar da ta zo asibiti fuskarta ta lalace, bayan likita ya gama nasa, Sista takan kwatanta mata gidan Gwaggo. Sukan zo da mayafi har hanci, suna magana ƙasa-ƙasa. Gwaggo ba ta yi musu wa'azi. Takan juyo da kuncinta wajen haske su gani, ta naɗe musu sabulu a takarda. Da wannan take ci, kuma da wannan take iya ɗaga kai a layi.

'Yar ƙanen nata, wadda ake kira Auta, ta gama jami'a ta dawo ta zauna ba aiki. Ta aika takardun neman aiki har ta daina faɗa wa kowa in ta aika. Yarinya ce mai saurin damuwa, in ana magana tana cizon gefen farcenta, kuma zaman banza yana cinta fiye da yunwa. Ita ta kawo maganar hoto.

"Gwaggo, matan Sista kaɗai ba za su riƙe ki ba. Mu buɗe miki shafi, mutane su gani a waya."

"Me za su gani? Bulo?"

"Shi ya sa za a kira mai hoto. Amma ba a kiransa haka kawai ya zo ya yi ta dannawa. Sai an rubuta masa jerin abin da ake so."

Ta zauna a bakin tabarma da takarda da biro, ta ja layuka. Kowane hoto da lambarsa, da abin da za a ɗauka, da abin da zai zama bango ko shimfiɗa, da kayan da za a ajiye a gefe, da yanayin da ake so mai kallo ya ji. Ta karanta wa Gwaggo da muryar da take karanta jarrabawa. Na farko sabulu shi kaɗai a kan farin kwali, ba komai a gefe, don a ga siffarsa. Na biyu an ɗora uku a kan juna a bisa katako, yanayin natsuwa. Na uku a matso kusa da tambarin ganye. Na huɗu hannun mai sabulu tana yankawa, yanayin aikin hannu. Na biyar daga sama, sabulu a tsakiya, kayan haɗinsa sun kewaye shi, yanayin kuzarin safiya. Na shida hannu cike da kumfa a kan kwano, da farin tawul, yanayin tsabta. Wannan shi ne na ƙarshe saboda sabulun da ya jiƙe ba ya komawa hoto.

"Ni ban san sabulu yana da yanayi ba," in ji Gwaggo. "Na ɗauka wanka ake da shi."

Amma ta ji daɗi. Rabon da ta ga Auta ta ci abinci har ta ƙara kamar ranar, ta manta.

Mai hoton dogo ne siriri, Dogo ma ake ce masa, aikinsa mafi yawa hoton fasfo da na 'yan makaranta. Ya zo da safe, ya kashe ƙwan ɗakin, ya ja teburin zuwa gefen taga. Ya ce hasken da ya zo daga gefe shi ke fito da ramin tambari, in ya zo daga gaba sai ya shafe shi. Ya rataya farin ƙyalle a tagar don rana ta yi laushi, ya ba Auta wani farin kwali ta riƙe a ɗaya gefen, ya mayar da haske kan inuwa. Ya zaɓi sabulan da kusurwarsu ba ta ɓalle ba, ya sa aka goge farar ƙurar da ke kansu da tsumma mai ɗan danshi.

Na farko ya ba su wahala. A kan farin kwali sabulun ya fito kamar ya yi datti. Dogo ya sauya da kwali mai ruwan toka, nan take ya zama kamar madara. Gwaggo ta leƙa bayan kyamarar, sannan ta ce, "Wannan nawa ne?"

"Naki ne, Gwaggo. Wanka kawai muka yi masa."

Na biyu da na uku suka tafi lafiya. A na huɗu ta riƙe wuƙar yanka, ta so ta sa safar hannu don ta ɓoye yatsunta, Dogo ya ce safar roba tana ƙyalli, ta cire. Ya ɗauka, ita kuwa ba ta nemi gani ba.

A na biyar aka tsaya. Auta ta jera kayan haɗin kamar yadda ta rubuta: curin man kaɗe a ƙaramin kwano, man zaitun a kofi, man kwakwa a cokali. Dogo ya hau kujera ya leƙo daga sama, ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai.

"Komai launi ɗaya ne. Sabulun fari-fari, man kaɗen fari-fari, katakon ma haka. Kin rubuta kuzarin safiya, wannan kuwa zaman makoki ne."

"To me za mu yi?" Auta ta riga ta kai yatsa baki.

"Launi ake nema. Abu mai ja-ja, abu mai rawaya, ɗan kore. Akwai mai kayan marmari a bakin layi, ko?"

Auta ta fita da gudu-gudu, ta dawo da leda: karas, lemon tsami, rabin gwanda. Dogo ya yanka karas zobe-zobe, ya raba lemo biyu, ya jera su nesa kaɗan da sabulun don kada ruwan lemo ya ɓata shi, ya janye kwanon man kaɗe zuwa can gefe har ya kusa fita daga hoton. Auta ta ɗauki biro ta soke "kayan haɗi" ta rubuta "kayan launi".

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa. Ta san abin da karas da lemo da gwanda suke nufi a jikin kwalin sabulu. Ta saya da hannunta, shekara da shekaru, kwalaye masu wannan hoton. Babu mai rubuta kalmar bilicin a kai, karas ɗin ne yake faɗa, duk matar da ke nema kuma tana ji. Auta ba ta taɓa shafa komai ba sai man kaɗe, hasken fatarta na gado ne daga wajen uwarta. Dogo kuwa launi kawai yake gani. Ita kaɗai ce a ɗakin ta san yaren. Ta buɗe baki, a daidai lokacin Dogo ya sauko daga kujera ya miƙo mata kyamarar.

Ba ta taɓa ganin wani abu nata ya yi kyau haka ba. Sabulun yana tsakiya kamar amarya, launuka suna kewaye da shi, tambarin ganye ya fito ɓaro-ɓaro. Auta tana gefenta tana numfashi da sauri, tana jiran abin da za ta ce.

"Ya yi kyau," in ji Gwaggo. Ta gaya wa kanta cewa ai karas abinci ne, kuma ba a rubuta ƙarya ko ɗaya ba.

Na shida hannun Auta aka ɗauka, saboda takardar ta ce hannu mai laushi. Ta murza kumfa, Dogo ya ɗan ƙara haske don kumfar ta yi fari tas, hannun ma ya ƙara haske tare da ita.

Auta ta ɗora hotunan a shafi yadda suke a jere a takarda. Wanda ya shafa waya zai ga baƙaƙen yatsu riƙe da sabulu, ya shafa ya ga karas da lemo, ya shafa ya ga farin hannu cikin kumfa.

Wayar ta fara ƙara tun kafin la'asar. Auta tana karanta saƙonni tana dariya, daga baya dariyar ta ragu. "Gwaggo, wannan tana tambaya kwana nawa yake fara aiki. Wane aiki?"

"Ki ce mata sabulun wanka ne."

"Wata kuma ta ce yana cire baƙin gwiwa?"

"Ki ce sabulun wanka ne, na ce."

Wasu suka tafi da suka ji haka, wasu suka ɗauka ɓoyewa ake yi saboda hukuma, suka saya. Kantoci suka fara yin fili. Maigida ya ce ashe bulo ma yana da ranarsa. Gwaggo ta yi murmushi, amma a kwanakin ta daina tsayawa gaban madubi.

Cikin masu zuwa akwai wata mai shagon kayan kwalliya a babban titi, ana ce mata Madam. Ta zo da turare mai cika ɗaki, ta zauna a kan bokitin mai ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce tana son kwali guda, kada a naɗe, har da ɓaraguzan da ke zuba wajen yanka in akwai.

"Ɓaraguzai kuma? Me za ki yi da su?"

"Haba Gwaggo, ki bar wa 'yan kasuwa sirrinsu."

Ta nuna kantar da ke sama, Gwaggo ta ce waɗannan ba su nuna ba, ba za ta bayar ba. A kan wannan ta tsaya tsayin daka, har ta ji a ranta ta yi abin kirki. Sauran kuwa ta zuba mata a kwali, Auta ta taya ta kai mota. Tambayar da ya kamata ta sake yi, ba ta sake ba.

Bayan wasu makonni, wata rana da hantsi tana juya haɗi a bokiti, fanka tana kaɗa warin soda zuwa waje, inuwa ta tare ƙofa. Sista ce, da farin kayan aikinta. Tun da suka san juna ba ta taɓa taka gidan ba.

"Sista, lafiya? Shigo mana. Auta, kawo kujera."

"Ba zama na zo ba. Ƙarasa abin da kike, kada ya daskare miki."

Gwaggo ta juye haɗin a mazubi, ta rufe, ta cire safa. Sista ta ciro wata roba daga jaka ta ajiye a kan tebur. A kan murfin an manna hoto na biyar, karas da lemo da gwanda, tambarin ganye a tsakiya. A gefen robar an manna hotunan hannuwa biyu kusa da juna, baƙi da fari. Abin da ke ciki laushi ne kamar man shafawa, launin karas, da wani wari da Gwaggo ta gane tun kafin ya gama isa hancinta.

"Wata yarinya ta zo mana da wannan jiya," in ji Sista. "Shekarunta ba su kai na wannan 'yar taki ba. Tun daga goshi har wuya ta saɓule. Uwarta ta ce sun yarda ne saboda tambarin, wai yayar uwar ni na taɓa aiko ta wurinki."

"Wannan ba nawa ba ne. Sista, kin san nawa. Ban taɓa zuba..."

"Na san ba haka kike yinsa ba. An gurza naki an kwaɓa da wasu abubuwa, ba yau na fara ganin irinsa ba. Ba wannan na zo tambaya ba." Ta ɗora yatsa a kan murfin. "Hoton naki ne?"

"Nawa ne."

"Akwai karas a sabulunki?"

"Babu."

Auta ta matso. "Sista, ni ce. Ni na sayo su, don launi ne kawai, wallahi ban san..."

"Ke na yarda ba ki sani ba." Sista ba ta ko kalle ta ba. Idonta yana kan kumatun Gwaggo. "Ke fa?"

Fankar tana ta juyawa. Gwaggo ta dubi murfin robar. Ta ce, "Na sani."

Sista ta mayar da robar jaka. "Matan da nake turo miki, da ƙyar nake raba su da wannan hoton. Wata sai ta yi kuka kafin ta yarda ta zubar da kwalbarta. Ba zan ce su bar karas a gida su zo su tarar da shi a ƙofarki ba. Daga yau ba zan ƙara kwatanta gidan nan ba."

Ta fita. Auta ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da gwiwoyinta. Gwaggo ta dube ta, ta ji ya kamata ta lallashe ta, amma ba ta je ba. Can ta ce, "Tashi ki sauke hotunan duka."

Saukewa ba wuya, taɓawa ɗaya ce. Sai dai hotunan sun riga sun shiga wayoyin da ba su san adadinsu ba. Da Auta ta bincika, ta ga na biyar a shafuka uku da ba nasu ba, ɗaya ma an goge tambarin an sa wani.

Washegari Gwaggo ta je shagon Madam. Robobin suna jere a gilashi, kowace da fuskar sabulunta a kai. Madam ta tarbe ta da fara'a, da ta ji abin da ya kawo ta fara'ar ta tafi.

"Gwaggo, kada ki zo min da wa'azi a gaban kwastoma. Na saya, kin sayar. Hoton kuma ni na ɗauka? Ke kika jera karas, ke kika sa baƙin hannu kafin fari. Ni kawai na cika alƙawarin da hotonki ya yi."

"Yarinya tana kwance a asibiti."

"Ta wuce ƙa'ida ne. Ana ce musu kaɗan-kaɗan, ba sa ji." Ta sunkuyo ta rage murya. "Ke ma ai kin san harkar, fuskarki ta nuna."

Gwaggo ta ce ta cire tambarinta daga robobin, in ba haka ba za ta kai ƙara wurin hukumar da ke kula da irin waɗannan kaya. Madam ta yi dariya ta ce a gaishe su. Gwaggo ta kai ƙarar, Auta ta rubuta mata, aka karɓa aka ce za a duba. Bayan kwanaki robobin suka ɓace daga gilashi. Masu zuwa shagon sun ce suna nan a ƙarƙashin kanta.

Gidan ya yi tsit. Matan mayafi suka daina zuwa. Masu tambayar kwana nawa ba su daina ba. Auta ta koma cizon farce har ya yi jini, ba ta shiga ɗakin sabulu, in ta ji ƙarar waya sai ta zabura. Maigida ya daina maganar bulo. Gwaggo ta nemi zuwa duba yarinyar, uwar ta aiko cewa kada ta zo.

Wata safiya ta shiga ɗakin Auta ta tarar da ita kwance tana kallon bango.

"Tashi. Ina takarda da biron nan naki?"

"Gwaggo, don Allah ki bar ni. Ni ba na ƙara taɓa harkar nan."

"Wa zai ja min layukan? Ni na iya? Tashi, jerinki ba shi da laifi sai wuri biyu, ɗaya ma ina tsaye aka ɓata shi."

Auta ta tashi zaune. Ta ja layukan kamar na farko. Na ɗaya zuwa na huɗu suka bar su yadda suke. A na biyar Gwaggo ta ce a rubuta a gefe: abin da bai shiga bokiti ba, ba zai shiga hoto ba.

"Dogo zai ce ba launi."

"Ya nemo launin a wani wuri. Ba shi ne mai hoto ba?"

"Sodar fa? Ita ma tana shiga bokiti."

"A sa ta a kwalbarta a rufe, da sikeli a gefe. Ba ɓoye ta nake ba."

A na shida ta ce hannun da ya yanka shi zai yi kumfa, kuma kada a ƙara masa haske. Sannan ta ce a ƙara na bakwai. Auta ta ɗaga biro tana jira.

"Fuskata. Ta gefen taga, yadda yake yi wa tambari don ramin ya fito."

"Gwaggo..."

"Rubuta."

"Yanayi fa? Me zan sa?"

Gwaggo ta yi tunani. "Bar wurin haka."

Dogo ya zo ba surutu, ya riga ya ji labari. Ya kawo shuɗin ƙyalle mai duhu ya shimfiɗa a ƙarƙashin kwanonin, man zaitun ya ɗauki hasken taga ya zama kamar zinariya, man kaɗe ya fito da tsagarsa. Bai kai na karas ɗaukar ido ba, kowa a ɗakin ya ga haka, ba wanda ya faɗa. Da aka zo na bakwai ya zaunar da ita a gefen taga, ya ce wa Auta ta ɗaga farin kwali. Gwaggo ta ce a ajiye kwalin. Ya dube ta, ya dubi Auta, ya ɗauka haka. Wannan karon ta nemi gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa masa kyamarar ta ce ya yi.

Ta sa aka wanke hotunan a takarda, ta kai asibiti da kanta. Ta zauna a benci cikin masu jiran layi har Sista ta samu sarari. Sista ta karɓa a tsaye, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na ƙarshe.

"Wannan ma za ki sa a shafin?"

"Yana can tun jiya. Shi ne a farko."

"Hmm." Ta haɗa hotunan ta daidaita gefensu a tafin hannu. "Yarinyar ta fara samun sauƙi. Tabon wuyan dai zai zauna."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Wancan hoton yana nan yana yawo," in ji Sista. "Shekaranjiya ma wata ta nuna min shi a waya. Muddin ina ganinsa, bakina ba zai iya faɗin gidanki ba. Ba fushi ba ne."

"Na gane."

Sista ta miƙo mata hotunan, sai ta zare na bakwai ta riƙe. "Wannan ki bar min. Akwai waɗanda ba sa jin magana sai sun gani." Ta sa shi a aljihun rigarta, aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Gwaggo ta dawo gida a ƙafa, ko da yake akwai nisa. Ta tarar da Auta a ɗakin sabulu, karo na farko tun ranar, tana juya sabulan da ke kan kantoci don ɗaya gefen ma ya sha iska.

"Me ta ce?"

"Ba yanzu ba."

Auta ta gyaɗa kai, ta ci gaba da juyawa. Wayar da ke kan tebur ta yi ƙara. Ta kai hannu, ta tsaya, ta karanta daga nesa. "Wata ce. Ta turo hoton karas, tana tambaya ko akwai saura, da kwana nawa yake fara aiki."

Gwaggo ta cire mayafi ta rataye a ƙusa. Ta ja bokitin mai ta zauna a gefen taga.

"Kada ki rubuta mata sabulun wanka ne," ta ce. "Kira ta, ki kunna kyamara, ki ba ni."